Yadda Ake Hana Tauraruwar Littafin Yara Sauya Kama Daga Shafi Zuwa Shafi

A watan Disamba na 2022, wani ma'aikacin kamfanin fasaha a Amurka mai suna Ammaar Reshi ya ba da sanarwar cewa ya haɗa littafin yara cikin hutun ƙarshen mako guda. Sunan littafin Alice and Sparkle, labarin wata yarinya ce da mutum-mutuminta. ChatGPT ne ya taimaka masa da rubutun, Midjourney kuma ya zana hotunan, sannan ya sa littafin a kasuwar Amazon. Masu zane da hannu sun yi masa ca, galibi a kan batun haƙƙin mallaka da ƙwace musu sana'a. Amma a cikin sukar akwai wadda ba ta buƙatar muhawara, domin duk mai ido zai gani da kansa: yarinyar ba ta tsaya a kama ɗaya ba. Fuska da gashi da sutura suna sauyawa daga wannan shafi zuwa wancan, yatsu kuma wani lokaci ba su yi kama da na ɗan'adam ba.

Ga babba, wannan ƙaramin aibi ne da zai iya kawar da kai daga gare shi, tunda yana karanta rubutun yana kuma sanin wa ake nufi. Yaro ɗan shekara huɗu da ake karanta wa littafi ba shi da wannan gatan. Da hoto yake bin labari. Idan yarinyar da ya sani da jan ɗankwali a shafi na uku ta fito da kore a shafi na tara, ga kuma fuskarta ta ƙara tsawo, to a wurinsa wata baƙuwa ce ta shigo, kuma sai ya tambaya ina ta farkon ta tafi.

Asalin matsalar yana cikin yadda waɗannan manhajoji suke aiki. Midjourney da Stable Diffusion, wadda aka saki ga jama'a a watan Agustan 2022, ba su da wani zane da suke ajiyewa su ɗauko. Kowane hoto yana farawa ne daga ɗige-ɗigen launi barkatai marasa ma'ana. Sai na'urar ta riƙa share hargitsin kaɗan-kaɗan, sau ashirin ko talatin ko fiye, tana karkata shi zuwa ga abin da aka rubuta mata, har siffa ta bayyana. Da an nemi hoto na biyu, sai ta koma farko da sababbin ɗige-ɗige. Ba ta tuna yarinyar da ta zana minti ɗaya da ya wuce. Sunan da marubuci ya raɗa wa tauraruwarsa ma ba ya nufin komai a wurinta, domin ba ta taɓa ganin mai sunan ba.

A ɗauka wata malamar firamare ta rubuta labarin Ladidi, 'yar shekara bakwai, wadda akuyarta ta tsinke igiya ranar kasuwa, ita da yayanta Tanko suka bi sawu. Littafin hotuna na yara ya saba zuwa da shafi 32. Idan aka cire shafukan take da bayanan ɗab'i, abin da ya rage zai ɗauki hotuna kamar goma sha huɗu, kuma Ladidi za ta fito a kusan dukkansu: tana gudu, tana kuka, tana leƙen rumfa, tana ba da baya, tana can nesa a cikin cunkoso. Tambayar ita ce yadda za a yi duk waɗannan su zama yarinya ɗaya.

Aikin yana farawa ne kafin a taɓa na'ura, wurin yanke shawarar yadda Ladidi take. A nan ne yawancin mutane suke jawo wa kansu wahala, saboda sha'awar ƙawa. Malamar za ta so ta sa mata atamfa mai furanni, da lalle a hannu, da awarwaro uku a hannun hagu, da ɗan tabo a kumatun dama. Duk waɗannan su ne abubuwan da na'ura ta fi kasa riƙewa. Zanen atamfa ba zai taɓa maimaituwa daidai ba, furen yau ganye ne gobe. Ƙidaya tana ba ta wuya, uku takan koma biyu ko biyar. Hagu da dama kuwa sukan musanya da zarar yarinyar ta juya. Abin da ke tsayawa shi ne manyan alamomi masu sauƙi waɗanda ake ganewa daga nesa: riga ruwan ɗorawa wadda babu zane a jikinta, jan ɗankwali, shuɗayen silifa, zagayayyiyar fuska, da wushirya. Alama uku ko huɗu sun isa. Masu zanen katun sun daɗe da sanin haka, shi ya sa fitattun taurarinsu suke shekara da shekaru da kaya iri ɗaya.

Daga nan sai a rubuta bayanin yarinyar sau ɗaya, a adana shi, a riƙa manna shi a kowane umarni ba tare da sauya ko harafi ba. Da Turanci ake rubutawa, don tarin hotunan da aka koyar da waɗannan manhajoji da su, irin su LAION-5B mai hotuna kusan biliyan shida, mafi girman kasonsu bayaninsa da Turanci yake, Hausa kuwa ba ta da wani rabo na a zo a gani. Ga misalin irin bayanin:

```
7-year-old West African girl, dark brown skin, round face, gap in front teeth, plain yellow dress, red headscarf, blue sandals, flat watercolor style
```

Tsarin kalmomin yana da tasiri. Abin da ya zo a farko ya fi samun nauyi, kuma tsofaffin nau'o'in Stable Diffusion suna karanta guntayen kalmomi 77 ne kacal a zama ɗaya, don haka dogon bayani mai cika shafi yakan bar ƙarshensa a banza. Launin fata kuma dole a faɗe shi ƙarara kowane lokaci. Masu zana yaran Afirka da waɗannan manhajoji sukan lura cewa idan aka yi sakaci, fatar takan riƙa yin haske daga hoto zuwa hoto, musamman a wurin da rana ta ƙwalle, gashi ya miƙe, ɗankwali kuma ya rikiɗe ya zama rawani ko gyalen wata ƙasa.

Sai dai kalmomi suna da iyaka. Yara mata masu zagayayyiyar fuska da wushirya ba su ƙirguwa, kuma na'urar tana da damar zaɓo kowacce daga cikinsu. Bayanin zai tsare kaya da launi, amma ba zai tsare tazarar da ke tsakanin idanu ko siffar hanci ba.

Dabarar da sababbin shiga suka fi ɗora wa rai ita ce lambar da ake kira `seed`. Ita ce ke ƙayyade ɗige-ɗigen da za a fara da su. Idan aka ba da lamba ɗaya, da umarni ɗaya, da saiti ɗaya, za a samu hoto iri ɗaya ko mai matuƙar kama da shi. Matsalar ita ce littafi ba ya son hoto ɗaya sau goma sha huɗu. Da zarar an sauya umarnin daga tsayuwa a ƙofar gida zuwa gudu a kasuwa, hanyar da na'ura za ta bi ta sauya, fuskar ma ta bi ta. Lambar tana da amfani wurin gwaji, idan ana son a ga abin da sauya kalma ɗaya zai haifar, amma ba ta ɗauke da kamannin kowa.

Wasu sun bi wata gajeriyar hanya, wato aron fuskar da na'urar ta riga ta sani. Littafin barkwancin Zarya of the Dawn, wanda Kris Kashtanova ta haɗa da Midjourney a 2022, tauraruwarsa ta yi kama da 'yar fim ɗin Amurka Zendaya, kuma sunan jarumar ya fito a cikin umarnin da aka yi amfani da shi. Hanyar tana aiki, tunda na'ura ta ga dubban hotunan shahararren mutum, amma ba ta dace da littafin yara ba. Ana cin moriyar fuskar mutum ne ba da izininsa ba, ga shi kuma takan sa yarinya ta fito da fuskar babbar mace.

Mafita ta gaskiya ita ce a daina kwatanta Ladidi da baki, a nuna ta. Wannan ma daga masu katun aka aro. Kafin a fara fim, sukan zana takarda guda mai ɗauke da tauraron daga gaba, daga gefe, daga baya, da fuskarsa cikin dariya da fushi da tsoro, duk wanda zai zana shi kuma da ita zai riƙa dubawa. Malamar za ta yi ta neman hotuna da bayanin nan har ta samu wanda ta ce wannan ce Ladidi: cikakken jiki, tana fuskantar gaba, bayanta fari fat, haske daidai ba inuwa mai nauyi. Dalilin farin bayan shi ne duk abin da ke cikin hoton madogara yana iya tsallakawa cikin sababbin hotuna. Idan an ɗauke ta a gaban katangar laka, sai launin katangar ya riƙa bin ta har cikin aji.

A watan Maris na 2024 Midjourney ya fito da abin da aka yi don wannan buƙata musamman, wato `--cref`, inda ake ba shi adireshin hoton tauraron, tare da `--cw` mai lamba daga 0 zuwa 100. Umarnin shafin kasuwa zai zama kamar haka, inda `URL` yake wakiltar adireshin hoton:

```
girl chasing a white goat through a busy market --cref URL --cw 100 --v 6
```

A kan 100, manhajar tana ƙoƙarin kwaikwayon fuska da gashi da kaya baki ɗaya. A kan 0, fuskar kawai take riƙewa, wanda shi ake so a shafin ƙarshe idan Ladidi za ta sauya zuwa kayan sallah. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗin cewa abin ya fi aiki da hotunan da manhajar ta zana fiye da hotunan mutane na gaske, kuma ba ya kwafo ƙananan abubuwa irin su ɗigon fuska ko tambarin riga daidai. A 2025, da nau'i na bakwai ya fito, sai `--oref` ya maye gurbinsa. Masu amfani da Stable Diffusion kuwa suna da IP-Adapter, wanda masu binciken Tencent suka fitar a 2023, yana yin kusan aiki ɗaya. Sunaye za su ci gaba da sauyawa, amma ƙa'idar tana nan.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi kowanne ɓata littafi a wannan mataki, kuma ba a ganinsa sai an yi nisa. Mutum zai yi hoto na biyu daga na farko, sai ya ɗauki na biyun ya zama madogarar na uku, na ukun na huɗu, a haka har ƙarshe. Kowane hoto yana kauce wa wanda ya gabace shi da ɗan abin da ido ba zai kama ba, amma kaucewar tana taruwa, kamar takardar da aka yi ta buga kwafinta daga kwafi har rubutun ya dusashe. Kafin a kai shafi na goma, Ladidi ta zama 'yar shekara goma sha biyu mai doguwar fuska. Ƙa'idar ita ce kowane shafi ya koma ga hoton asali, ko ga ƙaramin rukunin hotunan asali da aka tantance tun farko.

Wanda yake son ya fi haka tabbaci, musamman idan littattafai da yawa zai yi da tauraruwa ɗaya, sai ya koya wa na'urar yarinyar kai tsaye. A 2022 masu bincike daga Google da Jami'ar Boston suka nuna, da hanyar da suka kira DreamBooth, cewa hotuna uku zuwa biyar na wani abu sun isa a koya wa na'ura shi. Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce LoRA, wadda masu binciken Microsoft suka ƙirƙiro a 2021 don manhajojin harshe, daga baya masu zane suka karɓe ta. Wani ƙaramin fayil ne da ake ɗora wa babbar manhaja, ya ɗaure wata baƙuwar kalma, misali `ldd7girl`, da kamannin mutum guda.

Ana buƙatar hotuna kamar goma sha biyar zuwa talatin na Ladidi, kuma a nan ne haƙuri yake aiki, don dole a samo su ta hanyar madogarar da aka bayyana, a zubar da duk wanda ya ɗan kauce. Hoto mara kyau guda ɗaya a cikinsu darasi ne mara kyau ga na'ura. Dole kuma su bambanta: na kusa, na nesa, na gefe, tana zaune, tana tafiya, a wurare daban-daban. Kowane hoto ana rubuta masa gajeren bayani, kuma ƙa'idar wannan bayanin takan ba sababbin shiga mamaki. Abin da aka ambata a bayanin, na'ura tana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya sauyawa. Abin da aka yi shiru a kansa kuwa, sai ta haɗa shi da baƙuwar kalmar. Ke nan idan ana son ɗankwalin ya zama wani ɓangare na Ladidi har abada, ba a ambatarsa. Idan ana son wata rana ta cire shi a ga kitsonta, to sai a ambace shi, a kuma sa wasu hotunan da babu shi.

Ana gane an wuce gona da iri a horon idan Ladidi ta ƙi sauya tsayuwa, ko ta riƙa murmushi a shafin da aka ce ta yi kuka, ko kuma duk yaran kasuwa suka fito da fuskarta. Idan horon bai isa ba, kamar takan zo ta tafi. Shi ya sa masu wannan aiki sukan rage ƙarfin fayil ɗin zuwa wajen 0.7 ko 0.8 maimakon cikakken 1, su gwada har su samu daidai.

Shigowar Tanko wata sabuwar rigima ce. Idan mutum biyu suna cikin umarni ɗaya, siffofinsu sukan cakuɗe: jan ɗankwalin Ladidi ya koma jar hula a kan Tanko, ko rigarsa ta ɗauki ruwan ɗorawa, ko su fito da fuska ɗaya kamar tagwaye. Na'urar ba ta iya rarrabe wace sifa ce ta wa ba yadda ɗan'adam zai yi. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a gina shafin daki-daki. A fara samun kasuwar da mutum biyu a tsaye a inda ake so, ko da fuskokinsu ba daidai ba ne. Sannan a yi amfani da abin da manhajojin suke kira `Inpaint`, inda ake shafe wani yanki na hoton a ce na'ura ta sake zana shi kaɗai. A shafe na hagu a sa Ladidi da madogararta, a dawo a shafe na dama a sa Tanko da tasa.

Wannan kayan aikin ne kuma yake ceton hotunan nesa, kuma dalilin lalacewarsu ya cancanci a sani. Stable Diffusion ba a kan cikakken hoto yake aiki ba, yana matse shi sau takwas a kowane gefe. Hoto mai faɗin ɗigo 1024 yana komawa gida 128. To idan Ladidi tana can tsakiyar cunkoso, faɗin fuskarta ɗigo 40 ne kacal, abin da na'urar take da shi na zana idanu da hanci da baki gida biyar ne. Ba yadda za a yi wushirya ta shiga nan, shi ya sa fuskokin nesa suke fitowa a dagule. Maganin shi ne a shafe fuskar kaɗai, a zaɓi `Only masked` domin manhajar ta faɗaɗa yankin ta zana shi da cikakken ƙarfi sannan ta mayar. Ana sa `Denoising strength` a wajen 0.3 zuwa 0.5. Ƙasa da haka ba abin da zai gyaru, sama da haka kuma sabuwar fuskar za ta daina dacewa da wuya da hasken wurin.

Bayan an gama, sauran dubawa, kuma ba a yin ta shafi-shafi, domin ido yana sabawa ya yafe. Ana jera duk hotunan ne wuri ɗaya, ƙanana, da hoton asali a gefe. Abu na farko da ake aunawa shi ne shekaru, ta hanyar ƙirga tsawon jiki da girman kai. Babban mutum yakan kai tsawon kansa bakwai da rabi, yaro bai kai haka ba, a zanen littattafan yara kuma akan rage shi zuwa huɗu ko biyar. Idan Ladidi kai huɗu ce a shafin farko ta zama shida a na takwas, ta girma ba da izinin marubuciya ba. Launin fata da na riga kuma ba a barin ido ya yi hukunci, ana ɗaukar samfurinsu da manhajar gyaran hoto irin GIMP ko Photoshop a kwatanta, a daidaita da hannu. Sai yatsu, da silifa, da akuyar ita ma, wadda takan samu ƙaho a wani shafin ta rasa a wani.

Tarkon ƙarshe yana wurin shirin ɗab'i. Maɗaba'a tana son ɗigo 300 a kowane inci, don haka shafi mai faɗin inci 8.5 yana buƙatar ɗigo 2550, alhali hoto mai ɗigo 1024 bai kai inci uku da rabi ba. Dole a ƙara girman hotunan, kuma wasu manhajojin ƙara girma sukan ƙirƙiro abin da babu, su sake fasalin ido ko su cike wushirya. A zaɓi saitin da ba ya ƙari, a kuma sake jera hotunan a duba bayan an gama.

Duk wanda ya bi waɗannan matakai zai ga cewa maganar haɗa littafi cikin kwana biyu ba ta haɗa da littafi mai kyau ba. Zaɓe da zubarwa da gyara su ne suke cinye lokacin, kuma wanda ya iya zane ko da kaɗan ne yana gaba da wanda bai iya ba, domin minti biyar da alƙalami yakan gyara abin da umarni hamsin suka kasa. Mai niyyar sayarwa kuma ya san abu biyu. Tun watan Satumban 2023, sashen wallafa na Amazon yana buƙatar mawallafi ya bayyana masa idan na'ura ce ta samar da hotunan. A watan Fabrairun wannan shekarar kuma, Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya yanke cewa rubutun Zarya of the Dawn da yadda aka tsara shafukansa suna da kariyar doka, amma hotunan da Midjourney ya zana ba su da ita.